Wasiƙar da za ta koya wa Inna ɗaukar kiran bidiyo

Ƙannena da ke wajen biɗa, da ku da ke shirin tafiya, da ku da aka bari gida kuna kula da tsofaffi, ku nake wa magana. Ƙasarmu ta Ƙonni da Malbaza da Illela ta daɗe da sanin tafiya. Da an gama girbi sai samari su ɗaura kaya, wasu Abijan, wasu Legas, wasu Libiya ko Aljeriya. Iyayenmu sun yi zamanin da ake biyan mai rubutu ya rubuta wasiƙa, suka yi zamanin kaset da ake ba direba ya kawo gida, a taru a tsakar gida a saurari muryar wanda ya tafi. Tun daga shekarar 2016, lokacin da WhatsApp ya soma kiran bidiyo, uwa tana iya ganin fuskar ɗanta daga Dogarawa ko Badagishiri. Da yawanku kun tara kuɗi kun aiko da babbar waya saboda haka. Amma ku tambayi kanku: sau nawa Inna ta ɗauki kiran da hannunta? A gidaje da yawa wayar tana ƙarewa a aljihun wani yaro, tsohuwa kuma sai ta jira ya dawo daga yawo kafin ta ga ɗanta.

Abin da ya rage tsakanin wayar da hannun Inna bayani ne, kuma bayanin hakkinka ne kai da ka sayi wayar. Gajeriyar wasiƙa ta isa, in an yi ta da kyau. Sharaɗinta guda ne: ka rubuta ta bisa wayar Inna da idonta da yatsanta. Wayarka da saninka ka ajiye su gefe.

Ka fara ganin abin da take gani

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗa ya dubi wayar da ke hannunsa ya kwatanta wa uwarsa. Wayoyi ba iri ɗaya ba ne. Yadda kira yake bayyana a iPhone daban da yadda yake bayyana a Tecno ko Itel, kuma ko a waya ɗaya yana sauyawa idan aka sabunta WhatsApp. A wata wayar ana taɓa madannin karɓa sau ɗaya, a wata kuma sai an ɗora yatsa an ja shi sama. Har ma kira ɗaya yana da fuska biyu. In wayar tana kulle, kiran yakan cika allon gaba ɗaya, madannan suna ƙasa. In tana buɗe, sai ya zo a ɗan siririn layi can sama, da ƙananan rubutu guda biyu, na ƙi da na karɓa. Tsohuwar da aka koya wa ta duba ƙasa za ta rasa abin taɓawa ranar da kiran ya fito a sama.

Saboda haka kafin ka rubuta ko kalma ɗaya, ka nemi ƙanenka ko jikan da ke gidan. Ka kira wayar Inna tana kulle, shi kuma ya ɗauki hoton allon da wata waya ya turo maka. Ku sake yi tana buɗe. Ka dubi hotunan da kyau: wane launi ne madannin karɓa, a wane gefe yake, wane zane ne a cikinsa. Abin da ka gani shi za ka rubuta. In akwai hali, ka zaɓa wa Inna fuska ɗaya kawai, wato ta riƙa barin wayar a kulle, don kiran ya zo mata kullum a kama ɗaya.

Abin da za a gyara tun kafin wasiƙar

Akwai aikin da bai kamata ya shiga wasiƙar ba sam, domin ba na Inna ba ne. Na yaron gida ne, kuma sau ɗaya ake yin sa. Ya adana lambarka da sunan da Inna ta sani. Kai kuma ka sa hoton fuskarka a WhatsApp, fuska sosai, ba hoton mota ko tutar ƙungiyar ƙwallo ba, domin tsohuwar da ba ta karanta boko ba da hoton take gane mai kira. Ya sa wa kiranka sauti na dabam, ya ƙara ƙarar wayar har ƙarshe. Ya ba WhatsApp izinin kamara da na ɗaukar murya, don kada wata tambaya ta faɗo a allo tsakiyar kira. Ya cire WhatsApp daga cikin abubuwan da wayar take kashewa don tattalin batir, saboda wayoyin da muka fi saya suna yawan yin haka, sai ka kira ta ƙi ƙara. In allon yana da zanen kulle mai wuya, a sauƙaƙa shi.

Sai maganar kuɗi, wadda yawancinku ba ku faɗa wa iyayenku. A kiran waya na yau da kullum mai kira ne yake biya. A kiran WhatsApp kowane ɓangare yana cin nasa. In babu forfe na intanet a layin Inna, ko na Airtel ne, ko Moov, ko Zamani, ko Niger Telecom, kiranka yana iya ƙin isowa ko da wayar cike take da kiredi. Kiran bidiyo yakan ci wajen megabait 5 a minti ɗaya, yana hawa yana sauka bisa ƙarfin rezo. Minti goma ke nan wajen megabait 50, kira huɗu a wata wajen 200. Wannan ba shi da yawa. Abin da ke cinye forfe shi ne bidiyoyin da yara suke kallo da waɗanda wayar take saukewa da kanta daga zaurukan WhatsApp. A kashe wannan saukewar, kuma ka ɗauki nauyin forfe na wata, ka san ranar da yake ƙarewa. Kada ka bari tsohuwa ta riƙa jin tsoron cewa kowane kira yana cinye kuɗin cefane, har ta dinga hanzarin sallamarka.

Wasiƙar kanta

A ce wani ɗa yana sayar da kaya a kasuwar Ajame ta Abijan, mahaifiyarsa tana wani ƙauye kusa da Galmi. Ta haura shekara saba'in, idonta ya rage, ba ta karanta boko, jikarta ce za ta karanta mata. Ya ga hotunan allon, ya tabbatar cewa a wayarta ana jan kore sama. Ga irin abin da zai rubuta:

Assalamu alaikum, Inna. Ina gaishe ki da fatan kina lafiya, ke da dukkan mutanen gida. Ni lafiyata ƙalau, aiki da godiya.

Inna, ina so in riƙa ganin fuskarki kowace Juma'a bayan kun sallame La'asar. Kafin in kira da hoto zan fara kiranki da murya, don ki shirya.

In wayar ta yi ƙara, ki duba. In kin ga fuskata, ni ne. A ƙasa za ki ga ƙwallo kore da ƙwallo ja. Ki ɗora yatsa a kan koren, ki ja shi sama a hankali, kamar kina share ƙura. Kada ki danna da ƙarfi.

Kada ki kai wayar kunne. Ki riƙe ta gaban fuskarki kamar madubi. Za ki ji ni a haka.

Ki zauna kina fuskantar haske. In mun gama, ni zan kashe, ke ki ajiye kawai.

In kin taɓa jan, ko kiran ya yanke, babu abin da ya lalace, ba kuɗin da ya tafi. Ki jira, zan sake kira.

In fuskar da kika gani ba ki san ta ba, kada ki ɗauka. Wanda duk ya ce ki karanta masa lambobin da suka shigo wayar, kada ki ba shi, ko ya ce ni na aiko shi.

Ki sa mini albarka. Ɗanki.

Ku duba abin da wannan wasiƙa ta yi. Ta fara da gaisuwa cikakkiya, domin ba a shiga wa uwa da umurni. Ta faɗi dalili kafin ta faɗi hanya: ina so in ga fuskarki. Tsohuwar da ta ji haka za ta yi ƙoƙari don ɗanta, ko da wayar ba ta dame ta ba. Ta koyar da abu ɗaya tak, ɗaukar kira. Ba ta kawo yadda ake kira ba, ko juya kamara, ko tura hoto. Waɗannan sai wata wasiƙar, bayan hannu ya saba. Kowace jimla aiki ɗaya take ɗauke da shi, kuma a jere yadda za su faru: ƙara, fuska, yatsa, riƙo. Babu sunan wani abu na cikin waya da Inna ba ta sani ba. An kira abu da launinsa da wurinsa.

Ku lura kuma da maganar kashewa. Ɗan ya ɗauke mata wannan nauyi gaba ɗaya, domin madannan cikin kira sukan ɓace bayan ɗan lokaci sai an taɓa allo su dawo, kuma wajen neman jan ne tsofaffi suke kashe muryarsu ko su juya kamara ba da sani ba. Layin da ya fi kowane amfani kuwa shi ne wanda ya ce babu abin da ya lalace. Abin da ke hana iyayenmu taɓa waya tsoro ne, kada su ɓata abu mai tsada da ɗansu ya yi gumi ya saya. In ba ka cire wannan tsoron ba, sauran bayanin ba zai shiga ba.

In Inna tana karanta ajami, a rubuta mata da ajami da manyan baƙaƙe, a zana da'ira biyu a shafa musu launi, a liƙa takardar kusa da inda take ajiye wayar. In ba ta karatu, ka karanta wasiƙar da bakinka ka turo a saƙon murya, a hankali, da irin Hausar da kuke yi a gida. Yaron gida ya kunna mata sau da yawa. Amma ka rubuta kafin ka ɗauki muryar, don in ba haka ba za ka yi ta zagaye, saƙon minti ɗaya ya zama na bakwai.

Lokaci da mutunci

Ka sa rana, ka sa lokaci, kuma ka auna shi da sallar garinsu. Agogon Abijan da na Akara suna bayan na Nijar da awa ɗaya. Na Libiya yana gaba da awa ɗaya, na Saudiyya da awa biyu, na Aljeriya da Nijeriya daidai suke da namu. In ka ce bayan La'asar ba ka faɗi ta wa ba, tsohuwa za ta zauna da waya a cinya tana jira, hankalinta yana tashi. Bayan La'asar ya fi dare, saboda akwai hasken rana, ba a dogara da wutar NIGELEC ko fitila ba, kuma zafi ya fara sauka. A watannin Afrilu da Mayu wayar da aka bari a rana takan yi zafi har ta rage gudu ko ta kashe kanta, don haka a ajiye ta a inuwa, a cika batir tun da safe.

Kiran bidiyo shiga gida ne, kuma ba a shiga gida sai da sallama. Da zarar kiran ya shigo kamara takan buɗe ta nuna wa Inna fuskarta, da ta ɗauka kuma kai da duk wanda ke bayanka kuna ganin tsakar gidan. Tana iya kasancewa ba mayafi, ko matan ƙannenka suna aiki a sake. Shi ya sa ɗan ya ce zai fara kira da murya. Kai ma ka kula da naka gefen. Kada ka kira ta kana cikin ɗakin da samari goma suke kwance, kada ka miƙa wayar ga abokai su gaishe ta ba ka faɗa mata ba. In kai ne ɗan fari, ka san akwai kunya tsakaninku. Tana iya kawar da kai, ta yi maganar awaki da hatsi, ta ƙi duban allon kai tsaye. Kada ka ce mata ta dube ka, kada ka ɗauka ba ta gane ba ne. Tana ganinka.

In abin ya ƙi

Kafin ka ce Inna ta kasa, ka binciki inda matsalar take, kuma daga inda kake za ka iya gane mafi yawa. Ka tura ɗan gajeren saƙo. In alama ɗaya ce ta fito a gefensa, saƙon bai isa wayarta ba: ko forfe ya ƙare, ko an kashe intanet, ko batir ya mutu, ko babu rezo. Wannan ba laifin yatsanta ba ne, sai ka kira yaron gida ta layin waya. In alama biyu ce, wayar tana kan intanet. Haka ma lokacin kira, a wayar da ke kan Ingilishi: in allonka ya tsaya a `Calling`, kiran bai kai ba, in ya koma `Ringing`, yana ƙara a can. Mutanen Ƙonni da ƙauyukan bakin iyaka su ƙara lura da abu guda: wani lokaci waya takan kama rezon Nijeriya da kanta, intanet ɗin layin gida ya tsaya. A shiga wajen zaɓen rezo a tsayar da ita a kan kamfanin layin.

In yana ƙara ba a ɗauka ba, abu biyu ne suka fi yawa. Na farko, ba ta ji ba, domin wani ya rage sauti ko wayar tana ƙarƙashin katifa. Na biyu shi ne wanda matasa ba su cika sani ba: allon bai ji yatsanta ba. Gilashin waya yana aiki ne da ɗan danshin fata, ba da ƙarfin dannawa ba. Yatsan da ya shekara yana surfe da dashen albasa ya yi kanta, ga bushewar hunturu, sai ta taɓa allon ya yi shiru. Ta ƙara ƙarfi, ta daɗe a kai, wayar kuma ta ɗauki dogon danni a matsayin wani umurni dabam. Maganinsa shi ne ta shafa ɗan mai a hannu ta goge, ko ta hura wa yatsan iska daga baki, ta taɓa da tsokar yatsa ba da farce ba. In gilashin kariya ya tsage ko ya yi kauri, a sauya shi.

In ta ɗauka kana ganin duhu ko kunne, ta kai wayar kunne ne bisa sabo. In rufin ɗaki kake gani, ta ajiye ta kwance. A samo mata abin jingina wayar a daidai fuskarta, ko da ƙwarya ce ko matashi, hannunta ma ya huta. In inuwarta kawai kake gani, ƙofa tana bayanta, ta juya. In hoto yana tsayawa murya tana yankewa, rezo ne ya yi rauni: ku kashe bidiyo ku ci gaba da murya, wadda ba ta buƙatar ƙarfi sosai. Yaron gida ya nemo wurin da rezo ya fi kyau a gidan, a mai da shi wurin zaman Juma'a. In kuma WhatsApp ya ƙi buɗewa gaba ɗaya, a duba kwanan watan wayar, domin in ya goce yakan ƙi aiki, sannan a duba ko yana neman sabuntawa. Bayan kowace sabuntawa a sake turo maka hoton allon, ko madannin ya sauya.

Mazambata

Layin gargaɗin da ke ƙarshen wasiƙar kada ka bar shi don gajarta. Uwar da aka san ɗanta yana waje ana yi mata kallon mai kuɗi. WhatsApp yana tura lamba mai alƙaluma shida in wani yana son buɗe asusun a wata waya. Mazambaci zai kira ya ce kuskure ne, ko ya ce kyauta aka ci, a karanta masa. Da an karanta, asusun Inna ya koma hannunsa, sai ya shiga roƙon dangi kuɗi da sunanta. Wani kuma zai ɗauki hotonka ya sa a wata lamba, ya ce kana hannun ƴan sanda ko asibiti, a tura kuɗi yanzu. A kunna tabbatarwa ta mataki biyu a wayarta, kai ka riƙe lambar sirrin. A kunna kuma abin da ke sa kiran baƙuwar lamba ya shigo ba ƙara. Ku yi yarjejeniya da ita cewa duk maganar kuɗi da aka ce daga gare ka ta fito, ba a motsa ba sai ta ga fuskarka kana magana daga lambar da ta sani, ta kuma yi maka tambayar da ɗan gida kaɗai zai iya amsawa.

Ku da ke gida

Wasiƙa ba ta aiki sai an gwada ta. Ranar da ta iso, a yi kira uku ko huɗu a jere, ɗan yana kira yana kashewa, Inna tana ɗauka. Kai jikan da ke zaune kusa da ita, ka sa hannuwanka a baya. Na san yatsanka zai yi ƙaiƙayi in ka ga tana lalube, amma duk lokacin da ka fizge wayar ka ɗauka mata, ka koya mata cewa ba za ta iya ba. Ka faɗa da baki: kore, Kaka, ja shi sama. Kada ka yi dariya, kada ka ɗaga murya. Ita ta yi haƙuri da kai lokacin da kake koyon kai loma baki. Washegari a sake gwadawa kana waje, domin manufar ita ce ta ɗauka ranar da ba kowa a gida. Kuma wayar tata ce. In kana son aro ka tambaya, ka dawo da ita da caji kafin Juma'a.

Kai kuma da ke nesa, in ka sa rana ka cika. In aiki ya hana ka, ka aiko da saƙon murya tun da wuri, domin uwar da ta shirya ta zauna ba ta ji kira ba, Allah kaɗai ya san abin da zuciyarta take saƙa mata game da hanyar hamada da gidan yari. Kuɗin da kake turowa ta Nita ko Al Izza yana sayen hatsi da magani, Allah ya saka maka. Amma ita tana so ta duba da idonta ko ka rame, kai ma ya kamata ka duba ko tafiyarta ta sauya, ko tari ya kama ta, abin da ba za ta taɓa faɗa maka a murya ba don kada ta tayar maka da hankali. A daren yau ka nemi a turo maka hoton allon wayarta, gobe ka rubuta. Allah ya ba ku abin da kuka fita nema, ya sa ku gama da iyayenku lafiya.